Yadda ake zaɓa tsakanin sayen zinariya wata-wata da sayenta a dunƙule

Mutumin da ya yanke shawarar ajiye wani ɓangare na dukiyarsa a zinariya yana da hanyoyi biyu. Ko dai ya ɗauki kuɗin gaba ɗaya ya saya a rana guda, ko kuma ya kasa su kashi-kashi, ya riƙa saye da adadi ɗaya kowane wata, farashi ya hau ko ya sauka. Ana yawan cewa hanya ta biyu ta fi aminci, kuma akwai gaskiya a maganar, sai dai gaskiyar ba ta kai girman da ake ba ta ba. A kasuwa irin tamu ta Maradi, inda mafi yawan zinariyar da ake saye ƙerarriya ce, wato sarƙa da warwaro da ƴan kunne, abin da ya fi cin kuɗin mai saye shi ne tazarar da ke tsakanin farashin da aka sayar masa da farashin da za a karɓa daga hannunsa. Duk wanda bai auna wannan tazara ba kafin ya zaɓi hanya, to lissafinsa bai cika ba.

Mataki na farko: tantance ko kuɗin suna hannu

Wannan zaɓi bai shafi kowa ba. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke iya ware jika 40, wato sefa dubu 40, daga albashi ba su da dunƙulen kuɗin da za su kwatanta da shi, saboda haka sayen wata-wata shi ne abin da ke gabansu. Wanda zaɓin ya shafa shi ne mai kuɗi a hannu yau, kamar ɗan kasuwar da ya fitar da buhunan aya ko wake daga sito ya sayar, ko matar da aka damƙa wa rabonta na gado, ko wanda ɗaukar adashe ta zo kansa. Shi ne zai tambayi kansa ko ya zuba duka yanzu ko ya riƙe wani kaso yana jira.

Kafin wannan ma, dole ne kuɗin su zama waɗanda ba za a nema ba cikin shekaru uku zuwa biyar. Idan jarin sayen taki ne na damina mai zuwa, ko kuɗin makarantar yara, ba su dace da zinariya ba ta kowace hanya, kuma misalin da ke tafe zai nuna dalili.

Mataki na biyu: sanin farashin giram kafin shiga shago

Ana faɗin farashin zinariya a duniya da dalar Amurka a kan oza ɗaya, kuma ozar zinariya giram 31.1 ce. Wannan farashi na tsantsar zinariya ne, mai karat 24. Wadda aka fi sayarwa a shaguna tana da gauraye: mai karat 21 kashi 875 cikin 1000 ne zinariya, mai karat 18 kuwa kashi 750 ne, shi ya sa ake ganin waɗannan lambobi a buge a jikin maɓallin sarƙa ko cikin zobe.

Lissafin ba shi da wuya. A raba farashin oza da 31.1, a ninka da canjin dala na ranar, sannan a ninka da 0.875 idan karat 21 ake nufi. Idan oza tana dala 3110, giram ɗaya dala 100 ke nan. Idan dala tana sefa 570, giram na tsantsa ya zama jika 57, na karat 21 kuma ya tashi jika 50 ba kaɗan. Wannan jika 50 shi ne farashin da za mu fara misalinmu da shi. Na zaɓe shi ne don sauƙin lissafi, kuma mai karatu zai maye gurbinsa da farashin ranar da zai saya. Duk abin da mai shago ya ɗora a kan wannan lamba, kuɗin aiki ne da ribarsa, kuma a kansa ake ciniki.

Akwai abin da ya kamata Bamaraɗe ya kiyaye a nan, ganin yadda muke hulɗa da Jibiya da Katsina da Kano kullum. Za ka ji ɗan'uwa daga can yana cewa zinariyarsa ta ninka sau da yawa cikin ƴan shekaru, kuma ba ƙarya yake yi ba, amma babban ɓangaren wannan ninkin faɗuwar naira ce, musamman tun da aka saki canjinta a watan Yuni na 2023. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya tun 1999, saboda haka mai riƙe da sefa ba ya ganin irin wannan tashin. Abin da ke motsa farashinmu shi ne farashin oza da kuma canji tsakanin dala da yuro. Ba wai sefa ba ta taɓa girgiza ba, domin a watan Janairun 1994 an rage darajarta da rabi a dare ɗaya, kuma wanda yake riƙe da zinariya a lokacin bai ji zafin da mai takardun kuɗi ya ji ba.

Mataki na uku: lissafin hanyoyin biyu, ba tare da kuɗin aiki ba tukuna

Mu ɗauka wa da ƙane sun sayar da amfanin gona, kowannensu ya tashi da miliyan ɗaya da jika 200. Wan ya saya a dunƙule a watan farko, a kan jika 50 kowane giram, ya samu giram 24. Ƙanen ya kasa nasa gida shida, jika 200 kowane wata. Farashin watannin duka na misali ne.

A hali na farko, farashi ya sauka sannan ya dawo inda ya tashi. Watan farko yana jika 50, ƙanen ya samu giram 4. Wata na biyu ya sauko jika 48, ya samu giram 4.17. Wata na uku jika 45, giram 4.44. Wata na huɗu jika 44, giram 4.55. Wata na biyar ya fara farfaɗowa zuwa jika 47, ya samu giram 4.26, a na shida kuma ya koma jika 50, ya sake samun giram 4. Jimillar abin da ya tara giram 25.4 ne, wato ya ɗara wansa da giram 1.4, wanda a farashin jika 50 ya kai kimanin jika 70. Wannan shi ne misalin da masu yabon sayen wata-wata suka fi kawowa.

Yana da kyau a dubi inda wannan riba ta fito. Ana cewa tun da adadin kuɗin ba ya canzawa, mutum yana samun giram da yawa lokacin araha, kaɗan lokacin tsada, don haka matsakaicin abin da ya biya yana ƙasa da matsakaicin farashin kasuwa. Haka ne, amma a duba girmansa. Idan aka haɗa farashin watanni shidan aka raba da shida, za a samu sefa 47,333. Idan aka raba miliyan ɗaya da jika 200 da giram ɗin da ƙanen ya tara, za a samu kusan sefa 47,220. Bambancin kimanin sefa 110 ne kawai a kowane giram, wato ƙasa da jika 3 a kan cinikin gaba ɗaya. Sauran ribar, kusan dukkanta, ta zo ne saboda farashi ya faɗi bayan watan farko, abin da babu wanda ya san zai faru a ranar da suka rabu da juna a bakin shago.

A hali na biyu, farashi ya yi ta hawa: jika 50, sai 52, sai 54, sai 55, sai 58, sai 60. Jika 200 ɗin ƙanen ta riƙa sayen abin da ke raguwa kowane wata, daga giram 4 zuwa 3.85, zuwa 3.70, zuwa 3.64, zuwa 3.45, har ta ƙare a 3.33. Jimillarsa giram 22 ba kaɗan, alhali wan yana nan da giram 24 ɗinsa. Giram biyun da suka raba su, a farashin jika 60, sun kai kimanin jika 120. Kowane wata da ƙanen ya riƙe kuɗi a aljihu, zinariyar da kuɗin za su iya saye tana ƙanƙancewa.

A hali na uku farashi ya yi ta sauka da jika biyu kowane wata, daga 50 har 40, bai dawo ba. Ƙanen zai tara giram 26.8, darajarsu kusan miliyan ɗaya da jika 73, wan kuma giram 24 ɗinsa sun koma jika 960. Dukansu sun yi asara, ƙanen dai tasa ta fi sauƙi. Abin da sayen wata-wata yake yi ke nan: yana rage zafin faɗuwa, yana kuma rage ribar hawa. Ba ya hana asara.

Ƴan kasuwarmu sun saba da kayan da ke da lokaci. Kowa ya san wake yana araha da kaka, yana tsada gab da damina, don haka mai jira yana da dalilin jira. Zinariya ba ta da kaka. Wanda ya saya a dunƙule a watan Janairun 1980, lokacin da oza ta kai dala 850, sai a 2008 ya sake ganin wannan farashi. Wanda ya saya a Satumbar 2011, oza tana wajen dala 1900, ya ga ta sauko kusan dala 1050 a ƙarshen 2015, kuma a lissafin dala bai dawo da uwar kuɗinsa ba sai 2020. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya riƙe kuɗi a farkon 2024, oza tana ɗan sama da dala 2000, yana jiran ta sauko, ya wayi gari a Oktobar 2025 ta wuce dala 4000. A lura kuma cewa faɗuwar 2011 ta ɗauki shekaru huɗu tana tafiya, don haka kasa kuɗi a watanni shida ba zai ceci mutum daga irinta ba.

Mataki na huɗu: shigar da kuɗin aiki da farashin mayarwa

A nan ne lissafin yake zama na gaske, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya fi natsuwa. Har yanzu mun yi kamar ana sayen zinariya a kan farashinta tsura, a kuma sayar a kan wannan farashi. Babu shagon da ke yin haka. Mai shago yana ɗora kuɗin aikin maƙeri da ribarsa, kuma wannan ƙari ya fi nauyi a kan ƙananan kaya, domin aikin ƙera ƴan kunne masu giram uku bai ragu da yawa a kan na warwaro mai giram goma sha biyu ba. Ban da haka, mai sayen giram ashirin a zama ɗaya yana da bakin neman ragi wanda mai sayen giram huɗu ba shi da shi.

Mu ɗauka, a matsayin misali, an ɗora wa wan jika 3 a kan kowane giram saboda ya sayi warwaro biyu masu nauyi marasa ado, ƙanen kuma ana ɗora masa jika 5 saboda ƙananan zobba da ƴan kunne yake ɗauka. Wan ya biya jika 53 a giram, kuɗinsa suka sayi giram 22.6. A hali na farko, inda farashi ya sauka ya dawo, ƙanen ya biya jika 55, 53, 50, 49, 52, da 55, ya tara giram 23 ba kaɗan. Fifikon da ya kai giram 1.4 ɗazu ya koma sulusin giram. Bambancin jika biyu kacal a kuɗin aiki ya cinye kusan duk ribar da saukar farashi ta kawo masa, kuma wannan shi ne halin da ya fi yi masa kyau idan ana maganar fita ba tare da farashi ya karye ba.

Yanzu su je sayarwa. Mai shago ba ya biyan kuɗin aiki idan ya zo karɓa, domin a wurinsa kayan narkarwa ne ko na sake gogewa, kuma yana rage wani abu daga farashin ranar. Mu ce yana rage kashi 5 cikin 100, wato yana karɓar giram a jika 47 da rabi lokacin da farashi yake jika 50. Wan zai karɓi kusan miliyan ɗaya da jika 75, ƙanen kusan miliyan ɗaya da jika 91. Farashin zinariya yana nan daidai inda suka same shi, amma kowannensu ya rasa fiye da jika 100. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu jika 16 ne, abin da shago ya ci daga kowannensu kuwa ya ninka wannan sau bakwai ko kusa da haka.

Hali na biyu ya fi ba da mamaki. Farashi ya tashi daga jika 50 zuwa 60, ƙarin kashi 20 cikin 100 cikin rabin shekara, wanda kowa zai kira shekara mai kyau. Ƙanen, da ƙarin jika 5 a kowane wata, ya tara giram 20.1 kawai. Idan mai shago ya karɓa a jika 57, zai ba shi kusan miliyan ɗaya da jika 147, wato har yanzu bai dawo da abin da ya zuba ba. Wan kuwa zai karɓi kusan miliyan ɗaya da jika 290, ribar jika 90.

Daga nan ake fitar da lamba mafi amfani ga mai saye, wato farashin da zinariya za ta kai kafin ya fita ba riba ba asara. A raba abin da aka biya a giram da 0.95, idan ragin mai shago kashi 5 ne. Ga wan, jika 53 ya zama kusan jika 55 da sefa 800, ma'ana sai farashi ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100 kafin ya ga kuɗinsa. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce kada a saka kuɗin da za a nema nan kusa.

Hanyar sanin wannan tazara ɗaya ce, ita ce a tambaya kafin a biya. Bayan an ɗora warwaron a kan sikeli an faɗi kuɗinsa, sai ka ce: “Alhaji, da a ce yanzu na shigo da wannan zan sayar maka, nawa za ka ba ni a giram?” Mai gaskiya zai faɗa ba tare da jan rai ba, domin sana'arsa ke nan. Ka yi wannan tambaya a shago biyu ko uku. Idan tazarar ta kai kashi 15 ko 20 cikin 100, to ka nemi wani irin kaya ko wani shago, domin babu tsarin wata-wata ko na dunƙule da zai cike wannan rami.

Mataki na biyar: yanke shawara

A ganina, wanda kuɗinsa ke hannu kuma ba zai neme su ba cikin shekaru, ya fi masa alheri ya saya a dunƙule, kaya masu nauyi marasa ado da duwatsu, bayan ya matsa a kan kuɗin aiki. Ragin da zai samu tabbatacce ne tun a ranar, ribar jiran saukar farashi kuwa fata ce. Akwai kuma dalili na biyu da lissafi ba ya nunawa, amma duk wanda ya zauna cikin dangi ya san shi. Jika 200 da aka ware don wata na biyar ba ta cika kaiwa wata na biyar ba, domin kafin nan suna ya zo, biki ya zo, wani ya kwanta asibiti, kuma ba a iya cewa babu alhali akwai.

Amma idan mutum ya san kansa, ya san cewa ganin farashi ya faɗi da kashi goma mako biyu bayan ya zuba komai zai sa ya ruga ya sayar, to kada ya saya a dunƙule. Irin wannan sayarwa ta firgici tana haɗa masa asara biyu, ta farashi da ta shago. Gara ya kasa kuɗin gida biyu ko uku, jika 600 sau biyu ko jika 400 sau uku, tsakaninsu wata biyu ko uku. Kowane kaso zai isa sayen abu mai giram bakwai zuwa goma sha ɗaya, wanda har yanzu yana cikin kayan da ake yi wa ragi, kuma bai ɗora komai a kan farashin rana guda ba. Haka nan idan farashi ya riga ya yi tashin gaggawa na watanni, kowa yana maganarsa a kasuwa, kasawar tana da ƙarin hujja.

Mai albashi kuma, wanda ba shi da dunƙule, ya ware adadinsa kowane wata ranar da albashi ya shigo, amma ba lallai ne ya shiga shago kowane wata ba. Jika 40 ba ta sayen giram ɗaya a misalinmu, abin da za ta saya kuwa zai zama mafi tsadar aiki a shagon. Ya tara na wata uku ko huɗu a inda hannu ba ya saurin kaiwa, sannan ya sayi abu guda. Ya tsayar da ranar sayen tun farko, misali makon farko na kowane wata na huɗu, kuma ya bi ta ko farashi ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Wanda ya ce zai tsallake wannan zagaye saboda tsada ya bar tsarin ya koma hasashe, kuma yawanci watan da aka tsallake saboda tsoron faɗuwa shi ne watan araha da tsarin yake buƙata. Tun da kaya suna zuwa da nauyinsu, ba za a dace da adadin daidai ba, sai a ɗauki mafi kusa daga ƙasa, ragowar a haɗa da na zagaye mai zuwa.

Akwai wani tsari da ake kira sayen wata-wata alhali ba shi ba ne, kuma ina gargaɗi a kansa da ƙarfi. Shi ne mutum ya riƙa kai wa mai shago kuɗi kowane wata, a rubuta a littafi cewa yana da giram kaza, a kan zai karɓa idan ya cika. Wanda ya yi haka ba shi da zinariya, bashi yake bi, kuma idan shagon ya rufe ko mai shi ya rasu, littafin ne kaɗai zai rage. Ta fuskar addini ma, hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya shar'anta cewa musayar zinariya ta kasance hannu da hannu, kuma malamai sun ɗora kuɗin takarda a kan wannan hukunci. A biya, a karɓa, a zama ɗaya.

Mataki na shida: ranar saye

Mai saye sau shida yana fuskantar haɗarin jabu ko ƙarancin karat sau shida, don haka abin da ke biye ya fi zama wajibi a kansa. A auna kayan a gabanka a kan sikelin da ke nuna ɗigo biyu bayan giram, ka ga ya tsaya a sifili kafin a ɗora. Idan akwai duwatsu ko zare, a cire nauyinsu, domin za a cire shi ranar da za ka sayar. Lambar 875 ko 750 da ke jiki alama ce kawai, ana iya buga ta a kan komai, saboda haka ka nemi a goga kayan a dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwajin da ya dace da karat ɗin. Idan zanen ya tsaya, karat ɗin ya kai, idan ya dushe ko ya ɓace, bai kai ba. Mayen ƙarfe yana tona abin da aka yi da baƙin ƙarfe, amma tagulla da aka shafa wa ruwan zinariya ba ta manne masa, don haka kada a dogara da shi kaɗai. Bambancin karat 21 da 18 kashi ɗaya ne cikin bakwai na darajar kayan, wanda ya fi duk abin da aka yi gardama a kansa tsakanin wa da ƙane.

Ɗanyar zinariya da ake kawowa daga wuraren haƙa irin su Jado, inda aka fara tururuwa a 2014, ba ta mai ajiya ba ce. Ido ba ya sanin tsarkinta sai an narka an gwada, cinikinta kuma yana da dokokinsa da mutanensa.

A karɓi takardar saye mai ɗauke da kwanan wata, nauyi, karat, farashin giram, da kuɗin aiki a rubuce daban, da sefa a lamba, ba da lissafin baki na dala mai sefa biyar ba. A gida kuma a buɗe shafi guda a littafi, kowane saye layi ɗaya: rana, kuɗin da aka biya duka, giram da aka samu. Duk lokacin da aka ƙara layi, a raba jimillar kuɗin da jimillar giram, wannan shi ne ainihin abin da giram ɗinka ya tsaya maka, kuma da shi za ka kwatanta duk farashin da aka taya maka. Wannan shafi zai yi amfani wajen zakka ma. Nisabin zinariya miskali 20 ne, kimanin giram 85 na tsantsa, wanda ya yi daidai da kusan giram 97 na karat 21, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin 100 bayan shekara ta zagayo. Giram 23 na misalinmu bai kai nisabi shi kaɗai ba, amma zinariyar ajiya ana haɗa ta da kuɗin da mutum ke riƙe da su, kuma a mazhabar Malikiyya hukuncinta ya bambanta da na kayan adon da mace ke sanyawa. Mai saye a lokuta daban-daban ya kai wa malaminsa littafin da kwanakin da ke ciki, domin a tsayar masa da ranar da shekararsa take cika.